Haraji, Tara da Kuɗin Ruwa: Yadda Ake Karanta Takardar Bashin Haraji

Yawancin 'yan kasuwa idan takardar bayanin asusu ta zo musu daga ofishin haraji, idonsu ƙasan shafi yake sauka, inda aka rubuta jimillar abin da ake bin su. Daga nan wani ya biya yana ƙorafi, wani ya jefa ta aljihun tebur. Alhali jimillar nan haɗin abubuwa uku ce masu asali daban-daban, kuma ba a gane kuskure a cikinta sai an warware ta.

Na farko shi ne harajin kansa, wanda a takardar ake rubuta shi Tax ko Principal. Daga kasuwancinka ya fito: ribar da ka samu ko kayan da ka sayar. Na biyu tara, wato Penalty, hukuncin saɓa wa'adi. Na uku kuɗin ruwa, Interest, wanda ake ɗora maka saboda kwanakin da kuɗin gwamnati ya yi a hannunka. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce a duba yadda kowanne yake tafiya da lokaci. Haraji ba ya motsi. Tara takan faɗo sau ɗaya, ko kuwa ta riƙa ƙaruwa da adadi tsayayye duk wata. Kuɗin ruwa kuwa kullum safiya sai ya ƙaru.

Ita ma tarar iri biyu ce, kuma a nan mutane suka fi rikicewa. Akwai ta rashin miƙa bayanan shekara a kan lokaci, akwai ta rashin biya a kan lokaci. Kamfanin da bai ci riba ko sisi ba yana iya cin tarar farko, domin laifinsa shi ne yin shiru. Saboda haka ganin layin tara biyu a takarda ɗaya ba lallai ne ya zama maimaici ba.

Mu ƙaddara wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano wanda shekarar lissafinsa ta ƙare ranar 31 ga Disamba, 2024. Cinikinsa naira miliyan 60 ne, ribar da za a yi wa haraji kuma miliyan 10. A dokar da ke aiki a lokacin, kamfanin da cinikinsa ya wuce miliyan 25 amma bai kai miliyan 100 ba yana biyan kashi 20 cikin ɗari, wato naira 2,000,000. Harajin ilimi yana da nasa layin, mu ajiye shi gefe. To, a cikin shekarar, wasu ma'aikatu da kamfanin ya kai wa kaya sun riga sun cire naira 500,000 daga kuɗinsa sun tura wa hukuma da sunansa. Wannan shi ne abin da ake gani a takarda da sunan WHT, kuma biyan haraji ne tun kafin lokaci. Abin da ya rage a kansa ke nan naira 1,500,000.

Wa'adinsa wata shida ne bayan rufe shekara, wato 30 ga Yuni, 2025. Bai miƙa bayanai ba, bai kuma biya ba, sai ranar 11 ga Satumba, bayan kwana 73. Tarar rashin miƙa bayanai a tsohuwar doka naira 25,000 ce a watan farko da 5,000 a kowane wata bayansa, don haka Yuli, Agusta da Satumba sun kama 35,000. Tarar rashin biya kashi 10 ce cikin ɗari na abin da ba a biya ba, wato 150,000.

Kuɗin ruwa shi ke buƙatar natsuwa. Ƙa'idar da ke aiki a lokacin, wadda aka kafa a Yulin 2017, ita ce a ɗauki ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya a ƙara masa kashi 5. A waɗancan kwanakin ma'aunin yana kan 27.5, ya zama 32.5 cikin ɗari a shekara. A shekara fa, ba a wata ba. Da kuɗin ya cika shekara guda, da ruwansa ya kai 487,500. Kwana 73 kuwa ɗaya bisa biyar ne na shekara, saboda haka 97,500. Jimillar gaskiya ita ce naira 1,782,500.

Yanzu a ce takardar ta zo da 2,365,000. Mai kamfanin zai iya zaton tara ce aka lafta masa fiye da kima, ya tafi roƙon sassauci. Amma idan ya raba tarar da ya gani, 200,000, da kashi 10 ɗin da doka ta ce, nan take zai gane cewa a kan miliyan 2 aka yi lissafi. Ke nan naira 500,000 ɗin nan ba ta shiga asusunsa ba. Kuskure ɗaya ya haifi uku: ƙarin 500,000 a haraji, 50,000 a tara, 32,500 a kuɗin ruwa. Shi ya sa nake ganin duk mai bin diddigin irin wannan takarda ya fara daga layin haraji, domin sauran biyun a kansa suke tsaye. Kuma sau da yawa matsalar ba daga ofishin haraji take ba: wanda ya cire kuɗin ne bai tura ba, ko ya tura da lambar TIN ta wani. Maganin shi ne a koma wurinsa a nemi shaidar turawa.

Sauran kurakuran ba su da wuyar kamawa. Ka jera rasit ɗinka ka duba ko kowane biya ya faɗa a shekararsa da nau'in harajinsa, domin kuɗin harajin kamfani kan ɓace a layin VAT. Ka ƙirga kwanakin da kanka. Idan ka biya wani ɓangare a tsakiya, ruwa daga ranar ya kamata ya koma kan ragowar kawai. Idan kuma ka ga ribar da ba ka san ta ba, wataƙila ƙiyasi ne hukuma ta yi saboda ba ta ga bayananka ba.

A kula da shekara ma. An sa hannu a kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, suka fara aiki 1 ga Janairu, 2026, hukumar FIRS ta koma NRS, tarar rashin miƙa bayanai kuma ta tashi zuwa naira 100,000 a watan farko da 50,000 a kowane wata bayansa. Idan ka ga waɗannan adadi a kan tsohon bashi, ka nemi a rubuta maka sashen dokar da aka dogara da shi.

Bambance ukun nan yana da wani amfani. Doka ta ba hukuma ikon yafe tara da kuɗin ruwa idan akwai dalili, kamar yadda FIRS ta yi a Disambar 2023 ga waɗanda suka biya asalin bashinsu kafin ƙarshen watan. Asalin haraji kuwa ba a rage shi da roƙo, sai da hujja. Wanda ya ga kuskure yana da kwana 30 daga ranar da takardar ƙayyade haraji ta iso shi ya kai ƙorafi a rubuce, yana faɗin layin da bai yarda da shi ba da adadin da yake ganin daidai ne. Idan bai gamsu da amsar ba, akwai kotun ɗaukaka ƙara ta haraji. Hira da jami'i a ofis ba ta tsayar da kwanakin nan, kuma idan suka wuce, adadin ya zauna. Ka biya abin da ka amince da shi don ruwa ya daina hawa a kansa, ka rubuta ƙorafi a kan sauran, ka kuma tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka.