That ko Which: Ashe Waƙafi Ne Mai Yanke Hukunci

Duk wanda ke rubuta Turanci a kwamfuta zai iya cin karo da wannan: ya rubuta jimla da kalmar *which*, sai mai duba nahawu na Microsoft Word ya ja mata layi, ya ba da shawarar a mayar da ita *that*, ko kuma a sa waƙafi a gabanta. Da yawa sukan bi shawarar farko da ta zo hannu. Amma gyare-gyaren nan biyu ba daidai suke ba. Sauya kalma ba ya taɓa ma'ana, waƙafi kuwa yana iya juya magana gaba ɗaya.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa ya sayi buhun shinkafa 200 daga wani kamfani. Ruwan sama ya kama motar a hanya, buhu 30 suka jiƙe. Kamfanin ya aiko da takarda mai ɗauke da wannan jimla:

*The bags that got wet will be replaced.*

Ma'anarta, buhunan da suka jiƙe su za a canza. Ɓangaren *that got wet* shi ne ya ware buhu 30 daga cikin 200. In aka cire shi, ba a san waɗanne buhuna ake nufi ba. Irin wannan ɓangare mai tantancewa ba a sa masa waƙafi.

Yanzu a ce magatakardan kamfanin ya rubuta haka:

*The bags, which got wet, will be replaced.*

Jimlar lafiyarta ƙalau a nahawu, babu malamin da zai ja mata jan biro. Sai dai abin da take faɗa ya canza. Yanzu cewa take buhunan, dukkansu, za a canza su, kuma ga ƙarin bayani: sun jiƙe. Waƙafi biyu sun mayar da alkawarin buhu 30 ya zama na buhu 200. Saboda haka idan aka tambaya ko waƙafi yana ɓata jimla, amsar a nan ita ce bai ɓata gininta ba, amma ya sa ta faɗi abin da mai ita bai nufa ba. Wannan ya fi kuskuren nahawu haɗari, domin mai karatu ba zai ga alamar an yi kuskure ba, zai ɗauki maganar yadda ta zo.

Bahaushe bai kamata wannan bambanci ya yi masa wuya ba, don yana yin sa kullum a bakinsa. In ya ce "buhunan da suka jiƙe", ya ware wasu daga wasu, kuma maganar takan fita a numfashi ɗaya. In kuwa ƙarin bayani zai yi, sai ya ɗan tsaya, ya ce "buhunan nan, waɗanda dama sun jiƙe, za a canza su". Wannan ɗan tsayawar ita waƙafin Turanci yake nunawa a takarda.

Saura jimla ta uku, wadda ita ce ake ta jayayya a kanta:

*The bags which got wet will be replaced.*

Babu waƙafi, amma an yi amfani da *which*. Ma'anarta ɗaya ce da ta farko, buhu 30. To kuskure ce? A Turancin Birtaniya, wanda shi Najeriya da Gana suka gada a makarantu, ba kuskure ba ce ko kaɗan. A Amurka kuwa, editoci da yawa za su mayar da ita *that*, domin littattafan ƙa'idar rubutu da suke bi, irin su *The Chicago Manual of Style* da na kamfanin labarai na AP, haka suka tanada.

Abin mamaki, wanda ya fi yaɗa ƙa'idar Bature ne ɗan Ingila. H. W. Fowler, a ƙamus ɗinsa na amfani da Turanci da ya fito a 1926, ya ba da shawarar a raba wa kalmomin biyu aiki: *that* ta riƙa tantancewa, *which* ta riƙa ƙarin bayani. Shi da kansa ya yarda cewa yawancin marubuta, har da gwanayensu, ba haka suke yi ba. Buri ne ya faɗa, bai kafa doka ba. Da littafin Strunk da White, *The Elements of Style*, ya fito a 1959 ya shiga makarantun Amurka, sai shawarar ta rikiɗe ta zama kamar farilla. Alhali a jawabin da shugaba Franklin Roosevelt ya yi ranar 8 ga Disamba 1941, bayan harin da aka kai wa Pearl Harbor, jimlarsa da aka fi tunawa da ita *which* ce a cikinta, babu waƙafi, kuma tantancewa take yi.

Ƙa'idar ma ba ta iya tsayawa a ko'ina. Idan ƙaramar kalma irin *in* ko *for* ta zo a gaba, dole a yi amfani da *which* ko da tantancewa ake yi: ana cewa *the house in which he lives*, ba a taɓa cewa *in that*. A wani gefen kuma, bayan kalmomi irin *all* da *only* da *best*, kunnen mai harshen ya fi karɓar *that*.

To a ina waƙafi yake ɓata jimla da gaske? Wuri na farko shi ne haɗa shi da *that*. A Turancin yau, na Birtaniya da na Amurka, ba a buɗe ƙarin bayani da *that*, don haka *The bags, that got wet, will be replaced* kuskure ce a ko'ina. Na biyu, a sa waƙafi ɗaya a manta ɗayan. Idan ƙarin bayanin yana tsakiyar jimla, sai an rufe shi gaba da baya, in ba haka ba mai karatu zai rasa ko buhu 30 ake nufi ko 200. Na uku kishiyar waɗannan ne, wato barin waƙafi inda ya wajaba. Abin da babu na biyunsa ba ya bukatar tantancewa. *Abuja, which became the capital in 1991, is still growing* daidai ce. In aka cire waƙafin, jimlar za ta nuna kamar akwai Abuja da yawa ana zaɓar ɗaya.

Hanyar gane wanda ya dace ba ta da wuya. Ka rufe ɓangaren da ɗan yatsa, ka karanta sauran jimlar. In har yanzu an san ainihin abin da ake magana a kai, ƙarin bayani ne: sa *which*, ka kewaye shi da waƙafi. In kuwa an rasa wanne ake nufi, ko maganar ta faɗaɗa ta haɗiye abin da ba ka nufa ba, to tantancewa ce: kada ka sa waƙafi. A nan *that* da *which* duk sun halatta. Mai aika rubutu ga mujallar Amurka, ko mai tsara yarjejeniyar da ba ya son a yi mata fassara biyu, gara ya zaɓi *that*, domin ita ba ta taɓa zama ƙarin bayani, kuma babu editan da zai taɓa ta.

Kafin ɗan kasuwar nan ya sa hannu a takardar kamfani, abin da zai fara dubawa shi ne ko akwai waƙafi kafin *which*. Tsakanin akwai da babu, buhu 170 ne.