Labari mai gudu ba sai da jini ba: yadda nake zaɓen littafin bincike

Yau hirar ta littafi ce, kuma wata ƙanwata ce ta jawo ta. Ta same ni da wani littafin Turanci a hannu, ta ce, "Yaya, karɓi abinka. Na kai tsakiya na kasa. Ina son in san ƙarshensa, amma kwana biyu ke nan in na rufe ido sai in ga gawar nan." Kuma laifina ne, ni na ba ta. Na san tana son labarin da ba ya tsayawa, na manta cewa ita ko hoton hatsarin mota aka turo a waya ba ta iya buɗewa.

To daga nan na zauna na yi tunani. Wai shin me ke sa labari ya yi gudu? Amsar da na samu ita ce: ba jini ba ne. Abu biyu ne, tambaya da agogo. Tambayar da marubuci ya dasa maka a rai ya ƙi amsawa, da kuma lokacin da ke ƙurewa mutanen cikin labarin. In akwai waɗannan biyun, za ka kai asuba kana juya shafi ko da ba a nuna maka ɗigon jini ba. In babu su, ko an yanka mutum goma, gajiya za ka yi.

Su irin waɗannan littattafan gida biyu ne. Akwai na "wa ya aikata?", inda an riga an yi laifin, ana bin sawu a gano mai shi. Akwai kuma na "za a tsira kuwa?", inda abin bai faru ba tukuna, ana tsere da lokaci. Na farko tambaya ce ke jan sa, na biyu agogo. Bari in ɗauki littafi guda wanda ya haɗa duka biyun mu buɗe shi, ba tare da na ɓata muku ƙarshensa ba.

Littafin shi ne And Then There Were None na Agatha Christie, wanda ya fito a 1939. Mutum goma ne suka tsinci kansu a wani gida a kan ƙaramin tsibiri, kusa da gaɓar Devon a Ingila. Takwas baƙi ne da aka gayyato, kowa da irin dalilin da aka ba shi, biyu kuma mata da miji ne masu aikin gidan. Mai gidan da ya gayyace su, wani wai shi U.N. Owen, babu wanda ya taɓa ganinsa, kuma bai zo ba. Bayan an ci abincin dare, sai wata murya ta tashi daga faifan garmaho, ta kira sunan kowa, ta faɗi ran da ya salwanta ta dalilinsa, wanda kuma shari'a ba ta kama shi ba. Kafin dare ya raba, mutum na farko ya kurɓi abin sha ya faɗi.

Ku lura da inda agogon yake. A kan teburin cin abinci akwai 'yan gumaka goma na tangaran. Duk wanda ya mutu, sai a ga ɗaya ya ɓace. Tara, takwas, bakwai. A bangon kowane ɗaki kuma an rataye wata waƙar yara wadda ke faɗin yadda kowane zai tafi, ɗaya bayan ɗaya. Ka ga ke nan mai karatu ya san za a sake mutuwa, har ya san kusan ta wace hanya, abin da bai sani ba shi ne wa ke gaba. Kwale-kwalen da ke kawo kaya bai dawo ba, teku kuma ta hargitse. Sun bincike tsibirin kaf, babu kowa sai su. Wato mai kisan yana zaune a tebur ɗaya da su, yana miƙa musu gwangwanin abinci. Nan ne tambayar take.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo shi. Mutum goma sun mutu a littafin nan, ɗaya ma da gatari aka sare shi. Amma Christie ba ta kai ka wurin a lokacin da ake yi ba. Sai dai a wayi gari ba a ga mutumin ba, a fita nema, a same shi, a faɗa maka abin da ya faru cikin layi kaɗan, shi ke nan an koma kan masu rai: wa ya tashi da wuri, wa ya fita shi kaɗai, me ya sa wance ta fashe da dariya. Tsoron ba a jikin gawa yake ba, yana fuskar wanda ke zaune kusa da kai. Kuma ta yanka babobin gutsi-gutsi, wani yankin bai kai shafi ɗaya ba, sai ka ce bari in ƙara ɗaya kawai, ka ƙara, ka ƙara.

Sai dai in gaya muku gaskiya, rashin jini ba ya nufin rashin nauyi. A littafin akwai labarin mutuwar yaro da aka bari ya nitse a ruwa, kuma wajen ƙarshe akwai maganar rataya. Wanda irin wannan ke taɓawa, ya sani tun yanzu. Sannan asalin sunan da aka fara buga shi da shi a Ingila akwai kalmar cin mutuncin baƙar fata, daga baya aka canza. In ka ci karo da tsohon bugu a wurin masu sayar da littattafan gwanjo, kada ka yi mamaki.

In kuma kai agogon ka fi so, wato a yi ta gudu ana bin mutum, to ga The Thirty-Nine Steps na John Buchan, 1915. Wani Richard Hannay ne ya ɓoye baƙo a gidansa a Landan, ya dawo ya tarar an soke baƙon da wuƙa. 'Yan sanda na nemansa don suna zaton shi ne, waɗanda suka yi kisan ma na nemansa don ɗan littafin sirrin da mamacin ya bari. Sai ya tsere zuwa tsaunukan Scotland, yana ta sauya kama, ga kuma wata rana da aka sa, 15 ga Yuni, wadda in ta zo an makara. Babi goma ne kacal, za ka iya gama shi a yini. Aibinsa shi ne akwai wasu maganganun ƙyamar Yahudawa a farkonsa, irin na zamanin da aka rubuta shi.

To yaya za ka gane littafi kafin ka biya kuɗi? Ni abu uku nake dubawa, kuma minti biyar sun isa a tsaye gaban mai shago.

Na farko, wa ke binciken, kuma da me yake aiki? In tsohuwa ce mai kaifin ido kamar Miss Marple, ko Poirot da ke zaunar da mutane yana musu tambayoyi, hujjojinsu daga bakin mutane suke fitowa. In kuwa likitan binciken gawa ne, to hujjarsa a jikin gawa take, dole a kai ka ɗakin da ake buɗe ta. Wannan ba laifin marubuci ba ne, aikin ne ya zo da haka.

Na biyu, da idon wa ake ba da labarin? Wannan shi ne kuskuren da na yi da ƙanwata. Buɗe littafin ka duba ko akwai babobin da aka ba mai kisan shi kaɗai, sau da yawa da rubutu a karkace ko babu suna a sama. In akwai, da wuya ba za a sa ka tsaya kusa da shi ba a lokacin da yake aikin. Littattafai irin su The Silence of the Lambs na Thomas Harris da The Girl with the Dragon Tattoo na Stieg Larsson sun yi suna, kuma suna da gudu, amma akwai azabtarwa ƙarara a cikinsu. Haka No Orchids for Miss Blandish na James Hadley Chase, wanda iyayenmu da yayyenmu suka yi yayin littattafansa. A namu na Hausa ma, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare labari ne mai tafiya, amma akwai kashe-kashe sosai. Ba na ce ba su da kyau ba, na ce ba naki ba ne, in ke irin ƙanwata ce.

Na uku, nemo inda aka fara samun gawa, yawanci cikin shafuka hamsin na farko, ka ƙirga. In an wuce wurin cikin layi biyar an koma kan tambayoyi, haka marubucin zai yi har ƙarshe. In an shafe shafi biyu ana kwatanta rauni da wari da launi, to ajiye shi, domin abin da ke gaba ya fi wannan. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Akwai kuma tarko ta ɗaya ɓangaren. Garin gudun jini sai mutum ya faɗa kan littafin da ba ya tafiya. Misali The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith, 1998, labarin Mma Ramotswe a Botswana. Yana da daɗi, yana da sanyi, amma a hankali yake tafiya, ana shan shayi ana warware ƙananan matsaloli. In gudu kake nema, ba shi ba ne, don babu agogon da ke matsa maka.

Sai wanda ke kan iyaka: My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, 2018. A Legas ake yi. Korede ma'aikaciyar jinya ce, ƙanwarta Ayoola kuma samarinta take kashewa, ita Korede ke zuwa ta share wurin. Babobinsa gajeru ne ƙwarai, kuma kisan yawanci ba a gabanka ake yi ba. Amma da goge jini aka buɗe shi, kuma akwai tunawa da dukan da mahaifinsu ke yi. Karanta shafi biyar na farko, in ka iya da su, za ka iya da sauran.

Ita dai ƙanwata na karɓi wancan na ba ta And Then There Were None. Washegari da safe ta fito ido jajir. Na ce, "Ba dai mafarkin ba ne kuma?" Ta ce, "A'a Yaya, ban kwanta ba ne. Kuma wanda na zarga tun farko, shi ma ya mutu." Yanzu Murder on the Orient Express ne a hannunta, na 1934, inda dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa da gawa a ciki, Poirot yana kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya.

Nan za mu dakata. In kun gwada gwajin nan na ƙirga layi a kan wani littafi ya yaudare ku, ku faɗa mana sunansa don mu kiyaye. Amma don Allah, kada wanda ya faɗi ƙarshen labari.