Allon da Ke Lissafa Ruwan Shuka Kowace Safiya

A Anka, Gummi da Bukkuyum, ruwan farko yakan yaudari manomi. Sai a yi mamako a watan Mayu, a zuba irin gero da dawa, sannan sama ta ɗauke kwana goma, tsiro ya ƙone. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara yana nuna lokacin da ake sa ran faɗuwar damina, amma malamin gona yana buƙatar lissafin da ke sabuntuwa kullum. Wannan ne aikin allon tsara noma na kwamfuta ko waya.

Ana saita ɗan shiri ya tashi da asuba, ya aika wa rumbun bayanai lambobin wurin da gari yake a taswira, ya karɓo ruwan sama da zafi. Ga adireshin da ke karɓo na Gummi daga rumbun Open-Meteo:

```
https://api.open-meteo.com/v1/forecast?latitude=12.14&longitude=5.12&daily=precipitation_sum,temperature_2m_max&timezone=Africa/Lagos&past_days=3
```

Daga nan sai hukunci. A 1988 masani Sivakumar na cibiyar ICRISAT a Nijar ya shimfiɗa ƙa'ida: damina ta kama idan an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fari fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 masu zuwa. A ɗauka an sami milimita 8 ranar Litinin, babu komai Talata, 14 ranar Laraba. Jimla 22, sharaɗin farko ya cika. Na biyu kuwa sai a jingina da hasashe, wanda ba ya wuce kwana 16 a wannan rumbu, kuma ƙarfinsa na raguwa bayan mako guda. Idan ya nuna busasshen mako da zafin da ya kai digiri 40, allon zai ce a dakata.

Inda ake tuntuɓe shi ne ranar da bayani bai iso ba. Wani rumbun, NASA POWER, yana makara da 'yan kwanaki, yana cike gurbin da -999. Shirin da ya haɗa wannan da 8 da 14 zai ba da -977. Wanda ya mai da shi sifili kuma zai ƙirƙiri farin da ba a yi ba. Maganin shi ne a bar gurbin a rubuce "babu bayani", a kuma nuna ranar da aka yi sabuntawar ƙarshe a saman allo.

Akwai kuma faɗin wuri. Lamba ɗaya ta NASA POWER tana wakiltar fili mai faɗin fiye da kilomita 50, alhali hadari kan zuba a ƙauye guda ya tsallake maƙwabcinsa. CHIRPS, da ke haɗa hoton tauraron ɗan'adam da ma'aunan ƙasa tun 1981, yana saukowa zuwa kusan kilomita 5, amma cikakken lissafinsa sai wata mai bi. Shi ya sa allo mai kyau yake ware gurbi ga ma'aunin ruwa da aka kafa a gona, wanda malamin gona ke karantawa da safe ya turo ta waya, lambarsa kuma ta rinjayi ta rumbu duk ranar da suka saɓa.