Kafin Tirela Ta Tsaya a Ƙofar Sito

Duk wanda ya saba bi ta Dawanau ko Sharada a Kano da yamma ya san wannan yanayi: tirela ta fake a gefen hanya, tamfol ɗinta a ɗaure, direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, yaron mota yana hura gawayin shayi. Kaya sun iso lafiya, amma ba a sauke ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci babu abin da ya lalace a jikinsu. Magana ce ba a ƙarasa ba tun kafin su baro inda aka yi lodi.

Abin da aka saba ji a waya gajere ne. Mai turo kaya ya ce, "Ranka ya daɗe, motarku na tafe ranar Alhamis." Manajan sito ya ce, "To, Allah ya kawo ta lafiya." Kowa ya ajiye waya yana ganin an gama. Alhali Alhamis tana da safiya, tana da la'asar, kuma a wajen manajan sito ba ɗaya ba ne. Abin da ya dame shi shi ne ƙarfe nawa buhun ƙarshe zai shiga ciki ya rufe ƙofarsa. Saboda haka daga nan ya kamata a fara lissafi, a riƙa dawowa baya har a gano lokacin da motar za ta iso.

Mu ɗauki tirelar fulawa da ta taso daga Legas da tan 30, wato buhu 600 masu nauyin kilo 50. A ce sito yana da 'yan dako goma. Ba duka goman ne ke ɗauka ba: biyu suna kan mota suna ɗora wa sauran a ka, biyu suna ciki suna jerawa, shida ne ke kai da komowa. Idan motar ta ja da baya har bakin ƙofa, kowane ɗan dako zai iya kai buhu ya dawo cikin minti biyu, ka ga buhu uku ke shiga a kowane minti. Buhu 600 zai ci minti 200, awa uku da minti ashirin ke nan. Ƙara kwance igiya da yaye tamfol, da hutun shan ruwa, da sallah, da ƙidayar ƙarshe, sai ka ga an doshi awa huɗu da rabi. Sito da ke rufewa ƙarfe shida na yamma dole a fara sauke masa kaya kafin ɗaya da rabi. Motar da ta iso ƙarfe uku ta iso ranar Alhamis ɗin da aka yi alkawari, amma kwana ya kama ta.

Yanzu a canza abu ɗaya kawai. A ce lungun ya yi wa tirela ƙunci, ko wata mota ta tare ƙofar, aka tsaya can nesa. Zuwa da dawowa ya koma minti uku, buhu biyu ke shiga a minti, aikin ɗauka kaɗai ya zama awa biyar, ban da gajiyar da ke rage wa mutum sauri bayan buhu na hamsin. Shi ya sa tambayar "motar za ta iya kaiwa bakin ƙofa?" ta fi yawancin tambayoyi nauyi, kuma ita aka fi mantawa. Manajan ya san lungunsa, ya san inda wayar lantarki ta sauko ƙasa da inda kwalbati ya karye. Mai turo kaya kuwa shi ya san tsawon motar da ya ɗauko. Sai an haɗa sanin biyu, kuma in ta kama a shirya ƙananan motoci su yi jigila daga bakin titi, gara a san wanda zai biya tun da wuri. A cikin birni kamar wajen kasuwar Singa, a tambayi manajan har da lokacin da babbar mota za ta iya tsayawa ba tare da ta toshe hanya ba, don jami'an KAROTA suna kan aikinsu.

Rana ma tana da nata hali. Juma'a rabin yini ce a aikace, domin daga hantsi ya ɗaga 'yan dako za su fara shirin masallaci. Da azumi ƙarfin aiki na safe ne. Da damina kuwa, musamman Agusta, ba a yaye tamfol gaba ɗaya a kan fulawa ko sukari ko siminti. A hankali ake naɗe shi, layi bayan layi, ana kallon gabas. Wanda ya san aikinsa safiya yake nema, kuma ba ya yanke minti guda. Tafiyar da ta haura kilomita 1,000 ba a yi mata alkawarin "ƙarfe tara daidai". Cewa ake yi tsakanin takwas da goma, sannan direba ya kira idan ya bar Kaduna, ya sake kira daga Zariya. Wannan kira na biyu shi ke ba manaja damar tara 'yan dako, don ba albashi suke ci ba, a kan buhu ake biyansu, kuma ba za su zauna jiran motar da ba su gani ba alhali ga wata a sito na gaba.

Sai batun wuri. Buhun fulawa a kwance yana cin kamar rabin murabba'in mita. Idan za a jera goma-goma a tsaye, buhu sittin ne a ƙasa, kimanin murabba'in mita 30, ban da tazarar da ake bari tsakanin kaya da bango da kuma hanyar wucewa. A tambaya ko an share wurin, an shimfiɗa katako, an jawo tsohon kaya gaba don shi ya fara fita. Idan sai mota ta iso za a fara wannan, an ƙara awa guda ko biyu. Motar ɗaga kaya ma, in sito yana da ita, ba ta da amfani ga buhunan da aka yi wa lodi da hannu ba a kan falet ba.

Kuɗi biyu ne ke jawo ɗaga murya a ƙofar sito: kuɗin 'yan dako da kuɗin kwanan mota. Na farkon a faɗi wanda zai biya da nawa ne kan kowane buhu. Na biyun a amince cewa idan motar ta iso cikin lokacin da aka yanke amma sito bai shirya ba, kwanan na wuyan mai sito. Idan ita ta makara, na wuyan mai turowa. A tura duk wannan a rubuce ta waya bayan an gama magana, tare da lambar motar da lambar direba da yawan buhu, manajan ya amsa da "na gani".

Akwai tambaya ɗaya da ta rage: wa zai sa hannu a wayabil? A sito da yawa, manaja yana iya karɓar kaya amma Alhaji ne kawai ke da hatimi, kuma Alhaji yana iya tafiya ɗaurin aure Katsina. A san sunan wanda zai wakilce shi. Lokacin saukewa mutum biyu ke ƙidaya, ɗaya na ɓangaren mota, ɗaya na sito, suna haɗa lissafi bayan kowane buhu hamsin, don in an sami saɓani a gane shi tun buhunan suna iya ƙirguwa. Wanda ya fashe ko ya jiƙe a ware shi gefe, a ɗauki hotonsa a kan motar. Idan lafiyayyu 596 aka samu da fasassu huɗu, haka za a rubuta a jikin wayabil ɗin, direba da manaja su sa hannu a ƙasan rubutun, kowa ya riƙe kwafinsa, sannan yaron mota ya cire dutsen da ya tare taya.