BUSASSHEN KIFI DA ƊANYE: INA FUROTIN YA TAFI?

Akwai wata gardama da akan yi a kasuwannin kifi, tun daga Baga har Yauri. Waɗansu sun ce busasshen kifi ya fi ɗanye gina jiki nesa ba kusa ba. Waɗansu kuwa sun ce a'a, ai rana da wuta sun tsotse amfaninsa, abin da ya rage sai ƙashi da fata. Kowannensu ya riƙe wani gefe na gaskiya. Makon nan za mu ɗauki sikeli mu raba gardamar, gama maganar ta shafi tukunyar uwargida, ta kuma shafi aljihun falke.

Abin da ake nema a jikin kifi shi ne furotin, watau abin nan da ke gina tsoka da jini, wanda yaro ba ya girma sosai sai da shi. Akwai shi a nama da ƙwai da wake da gyaɗa. To, tambayarmu ita ce: in an ɗauki kifi kashi biyu masu nauyi ɗaya, aka bar ɗaya ɗanye, aka busar da ɗaya, wanne ne zai fi furotin?

ABIN DA KE CIKIN ƊANYEN KIFI

Tsokar ɗanyen kifi yawancinta ruwa ne. A kifi marar kitse da yawa, kamar karfasa, in an raba tsokar kashi 100, wajen kashi 78 ruwa ne, wajen kashi 18 furotin ne, sauran kashi 4 kuwa mai ne da gishirin jiki. Wannan lissafi yakan ɗan motsa bisa ga irin kifi, da abin da ya ci, da lokacin shekara. Tarwaɗar kiwo mai ƙiba ta fi haka mai, ruwanta kuma bai kai haka ba. Amma furotin ba ya nisa da kashi 16 zuwa 20 a yawancin kifayen da muke ci.

Yanzu mu ce masunci ya gyara kifinsa, ya fid da hanji da kai da ƙaya, ya auna tsoka zalla kilo 10. A cikin wannan akwai ruwa kilo 7 da giram 800, da furotin kilo 1 da giram 800, da sauran abubuwa giram 400. Watau abin da ba ruwa ba duka-duka kilo 2 ne da giram 200. Ku riƙe wannan adadi da kyau, don shi ne tushen lissafin.

BAYAN AN BUSAR

Rana da hayaƙi ruwa suke kwashewa. Furotin ba ya tashi sama kamar tururi. Saboda haka in an shanya kifin nan, ko an yi bandarsa har ya bushe ƙayau, ruwan da ya rage a jikinsa ya zama kashi 12 cikin 100, nauyinsa zai koma kilo 2 da rabi. A ciki kuwa giram 300 ne kaɗai ruwa. Kilo 7 da rabi sun bi iska.

Furotin fa? Yana nan yadda yake, kilo 1 da giram 800. Bai ƙaru da ko giram ɗaya ba. To, ga amsar tambayarmu ke nan: kilo 10 na ɗanye, da abin da ya fito daga kilo 10 bayan an busar, furotin ɗinsu ɗaya ne, muddin ba a yi ɓarna a hanya ba.

Daga ina maganar fifikon busasshe ta fito? Daga sikeli ta fito. Dā furotin nan yana warwatse cikin kilo 10, yanzu ya taru cikin kilo 2 da rabi. Kilo ɗaya na ɗanye yana da giram 180, kilo ɗaya na busasshe kuwa yana da giram 720, watau ninki huɗu. Kamar mai dafa ruwan rake ne ya yi mazarƙwaila: zaƙin bai ƙaru ba, ruwa ne ya tafi ya bar shi a dunƙule.

Ga yadda abin yake a tukunya. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin wajen giram 50 a yini. In daga kifi kaɗai zai samu, sai ya ci ɗanyar tsoka giram 280, ko kuwa busasshiya giram 70. Uwargida da ta ga ɗan guntun busasshen kifi kada ta rena shi, nama ne mai yawa ya ƙanƙance. Amma kuma kada ta zaci kifi ɗaya da aka busar ya zama kifi huɗu. Kifi ɗaya ne har yanzu.

BA KOWACE BANDA CE TA BUSHE BA

A nan ne masu ciniki za su buɗe ido. Akwai bandar da aka sauke daga wuta da wuri, waje ya yi baƙi, ciki kuwa da laushi. Mu ce ruwan da ya rage a irin wannan ya kai kashi 45 cikin 100. Kilo 10 ɗin nan namu ba zai koma kilo 2 da rabi ba, zai tsaya a kilo 4. Furotin yana nan kilo 1 da giram 800, saboda haka kowane kilo giram 450 ke gare shi, ba 720 ba.

Mu sa kuɗi don misali. In kilo ɗaya na ɗanyar tsoka Naira 2,000 ne, daidai da shi a wajen furotin shi ne kilo na busasshe ƙayau a Naira 8,000, ko kilo na mai laushi a Naira 5,000. Wannan ban da kuɗin itace da wahalar mai banda. Wanda ya sayi mai laushi a farashin busasshe, lalle ya sayi ruwa da tsada. Wanda kuma ya busar da nasa sarai ya sayar a farashin mai laushi, ya yi kyautar guminsa.

Haka kuma falke yakan sayi kwali mai kilo 40 na banda mai laushi a bakin Tafkin Chadi lokacin hunturu, ya ajiye. In iska ta gama aikinta, sai ya auna ya tarar da kilo 25. Sau da yawa akan zargi yaran shago ko direba da sata, alhali ba wanda ya taɓa kayan. Ruwa kilo 15 ne ya fita, furotin kilo 18 da ke cikin kwalin yana nan lafiya. Wanda ya san haka, tun wajen saye zai yi lissafinsa.

Gane bushewa ba wuya. Ka lanƙwasa kifin: busasshe yakan karye ya yi ƙara, mai ruwa kuwa sai ya tanƙwaru kamar fata. Ka fasa wurin da ya fi kauri kusa da ƙashin baya, ka danna da yatsa, in ya lotsa ko ka ji sanyi-sanyi, da saura. Mai son tabbaci sai ya auna kilo ɗaya, ya sake shanya shi kwana biyu ko uku a rana mai zafi, ya kuma aunawa. In nauyin ya daina sauka, ya bushe ke nan, abin da ya ragu kuwa shi ne ruwan da aka so a sayar masa.

A tuna kuma lissafin nan na tsoka ne zalla. Kifin kasuwa da kai da ƙaya yake zuwa, a ɗanyen kifi kuwa abin da ake ci sau da yawa bai wuce rabin nauyinsa da yawa ba. Kifin da aka sa wa gishiri mai yawa shi ma gishirin yana hawa sikeli, saboda haka furotin da ke kowane kilo nasa bai kai na marar gishiri ba, ko da bushewarsu ɗaya.

INDA FUROTIN KE ƁACEWA DA GASKE

Mun ce busarwa ba ta rage furotin in ba a yi ɓarna ba. Ɓarnar kuwa ta hanya uku takan shigo.

Ta fari ita ce jinkiri. Kifin da ya yini a ƙasa cikin zafi kafin ya hau wuta ya riga ya soma ruɓa, koren ƙuda kuma ya zuba masa ƙwai. Cikin yini ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe, abincinta kuwa tsokar nan ce. Maganin wannan shi ne a fid da hanji nan da nan, a wanke, a tsaga babban kifi don ruwa ya sami hanyar fita, a shanya a kan gado mai tsawo inda iska ke ratsawa ta ƙasa.

Ta biyu ita ce wuta mai yawa. Harshen wuta yakan ƙone waje ya rufe ruwa a ciki. Inda ya ƙone ya zama gawayi, furotin ya mutu. Ko bai ƙone ba, zafi mai tsanani na dogon lokaci yakan lalata wani sashi na furotin da ake kira laisin. Wannan kuwa asara ce babba gare mu, domin laisin shi ne abin da gero da dawa da masara suka gaza da shi, shi ya sa tuwo da miyar kifi suke dacewa. Garwashi da hayaƙi a hankali, ana juyawa, su ne aikin gwani.

Ta uku ita ce ajiya. In ruwan jikin kifi ya sauka ƙasa da kashi 25, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sukan tsaya. Fumfuna kuwa ba ta tsayawa sai ya sauka ƙasa da wajen kashi 15. Don haka banda mai laushi ba ta jure ajiya, balle da damina, lokacin da ko busasshen ma yakan sha laima. Sa'an nan ga ƙwaron nan baƙi da ke cin fatu da ƙiraga, wanda tsutsarsa mai gashi ke cinye tsoka daga ciki ta bar fanko. Alamarsa ita ce ƙananan ramuka a jikin kifi, da gari a gindin kwali. A nan nauyin da ya ragu ba ruwa ba ne, abincin ne kansa ya tafi. Kada a zuba wa kifi fiya-fiya ko maganin feshin gona, guba ce ga mai ci. A riƙa fid da kaya ana dubawa, a sake kai su wuta ko rana, a ajiye bisa katako nesa da ƙasa.

Saura ɓarɓashin da ke zubewa daga kifin da ya bushe ƙwarai. In mai tsabta ne, babu ƙwaro babu fumfuna, furotin ɗinsa daidai yake da na babban yanki. A daka shi a zuba a miya ko a kunun yara, wanda ya haɗu da ƙasa kuwa a ba kaji.

To, jama'a, in kun je kasuwa ku lanƙwasa kifi kafin ku taya. Mai banda kuma ya auna kifinsa kafin wuta da bayan wuta, ya san abin da yake sayarwa.