Amsoshin Wasiƙunku: Naira Miliyan Ɗayan Gwamnati Nawa Take Haifarwa A Kasuwa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan tireda a wata kasuwar ƙauye kusa da Funtuwa. Ya ce ya ji wani masani yana faɗi cewa duk Naira ɗaya da gwamnati ta kashe tana iya haifar da Naira biyar a hannun jama'a. Ga shi kuma za a yi aikin gyaran hanya da kwalbati a yankinsu. Tambayarsa ita ce: wannan magana gaskiya ce? Kuma ko ya ɗauko kaya bashi ya cika shago kafin a fara aikin?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Maganar tana da tushe, amma biyar ɗin nan ta yi yawa. Kafin ka je wurin dila, gyara zama mu yi lissafin tare.

Masana tattalin arziki suna kiran abin ninkin kashe kuɗi. Wani Bature ɗan Ingila, Richard Kahn, shi ya fara tsara lissafinsa a 1931, sannan malaminsa John Maynard Keynes ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1936, a zamanin da masana'antu suka tsaya, mutane birjik ba aikin yi. Tushen maganar kuwa kowane ɗan kasuwa ya san shi: kuɗin da wani ya kashe, shi ne samun wani. An biya lebura, ya sayi masara. Mai masara ya biya tela. Tela ya biya mai nama. Naira ɗaya ce, amma ta shiga aljihu huɗu, kowa kuma ya lissafa ta cikin samunsa.

Sai dai ba ta isa aljihu na gaba a cike. Duk wanda ya taɓa kora ruwa a lambu ya san ruwan da ya baro bakin rijiya ba shi ke isa fangali na ƙarshe ba, ƙasa tana sha a hanya. Kuɗi ma haka suke, kuma hanyoyin tsiyayewarsu uku ne: haraji, ajiya, da sayen kayan ƙasashen waje.

Alƙaluman da zan yi aiki da su misali ne na zaɓa don lissafi ya zo da sauƙi, ba ƙididdigar hukuma ba ce. Kuma a lura, muna magana ne a kan ƙarin samu. Ba tambayar nawa mutum yake kashewa a shekara muke yi ba. Tambayar ita ce, idan yau aka ƙara masa Naira 100 a kan abin da ya saba samu, yaya zai yi da ita? Amsoshin biyu sukan bambanta. Magidanci yana iya cinye duk samunsa na yau da kullum a abinci, amma ƙari na shigowa sai ya nufi shagon waya ko ya fara tarin kuɗin babur.

Mu ɗauki Naira 100 ɗin. Da farko hukuma ta cire nata, mu ce kashi 10 cikin ɗari, wato Naira 10. Saura Naira 90 a hannu. Cikin abin da ya rage a hannu, mu ce mutane sukan kashe kashi 80 cikin ɗari su ajiye 20. Kashi 80 na Naira 90 shi ne Naira 72, ajiya kuma Naira 18. Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, sai su ɗauki kashi 80 na ɗarin gaba ɗaya su ce Naira 80. A'a, mutum ba ya kashe abin da bai shigo hannunsa ba, sai an cire haraji tukuna.

Yanzu Naira 72 ta shiga kasuwa, amma ba dukkanta ke zama a ƙasa ba. Burodi da taliya, mafi yawan alkamarsu daga waje ake shigo da ita. Waya, batir, babur da kayan gyaransa, da magunguna da dama, mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Mai shago da direba suna samun ɗan rabonsu a nan gida, amma asalin kuɗin kayan ya ƙetare. Mu ce abin da ya ƙetare Naira 22 ne cikin kowace Naira 100 ta ƙarin samu. A cire 22 daga 72, saura Naira 50. Wannan hamsin ɗin ita kaɗai ce ta zama samun wani ɗan ƙasa, ita ce za ta shiga zagaye na gaba.

Abin da ya tsiyaye ke nan: haraji 10, ajiya 18, kayan waje 22, jimla 50.

To mu ɗora wannan a kan aikin hanyarku. A ce gwamnati ta kashe Naira 1,000,000, duk ta tafi ga leburori da magina da masu kawo yashi da tsakuwa. Zagaye na farko, samun jama'a ya ƙaru da Naira 1,000,000. Rabinta ya tsiyaye, rabi ya wuce gaba, zagaye na biyu ya zama 500,000. Na uku 250,000, na huɗu 125,000, na biyar 62,500. Idan ka tara waɗannan biyar za ka samu Naira 1,937,500. Ka ci gaba da rabawa biyu har ka gaji, jimlar za ta yi ta matsowa kusa da Naira 2,000,000, ba za ta wuce ta ba. Ninkin ke nan biyu.

Akwai gajeriyar hanya, ba sai ka bi zagaye ɗaya bayan ɗaya ba. Ka raba 100 da jimlar abin da ke tsiyayewa: 100 ÷ 50 = 2. Yaranmu 'yan makaranta za su tarar da shi a littafi kamar haka:

1 ÷ [1 − 0.8 × (1 − 0.1) + 0.22] = 1 ÷ 0.5 = 2

Abu ɗaya ne, an dai rubuta kashi 80 a matsayin 0.8, haraji 0.1, kayan waje 0.22.

Ina biyar ɗin masanin ta fito? Ta fito ne daga lissafin da ba haraji, ba kayan waje. A nan ajiya ce kaɗai ke tsiyayewa, Naira 20 cikin 100, sai ka samu 100 ÷ 20 = 5. Lissafin allo ne na koyar da masu farawa, ba ƙasar da take haka. Da ka saka haraji, abin da ke wucewa gaba ya koma 72, tsiyaya ta zama 28, ninki ya sauko zuwa uku da rabi da ɗan ɗoriya. Ka ƙara kayan waje, ya sauko biyu. Wato waɗannan abubuwa biyu sun cinye fiye da rabin abin da aka yi maka albishir da shi.

Ga yadda za ka gane ko lissafinka ya yi daidai. Idan komai ya lafa, abin da ya tsiyaye gaba ɗaya dole ya yi daidai da abin da aka zuba tun farko. A cikin Naira 2,000,000, haraji ya ɗauki 200,000, ajiya 360,000, kayan waje 440,000. Tara su, Naira 1,000,000 cif. Idan naka bai dawo kan kuɗin farko ba, koma ka duba, akwai inda ka tsallake.

Wani zai ce, ai harajin da aka karɓa gwamnati za ta sake kashe shi, ajiyar banki kuma wani zai ranta. Haka ne, yana iya faruwa. Amma ba dole ba ne, kuma ba lallai a wannan lokaci ba. Ranar da aka sake kashe su, sai a lissafa su a matsayin sabon zubi mai nasa zagayen. Sannan ba kowane haraji ke shiga wannan lissafi ba, sai wanda yake ƙaruwa idan samu ya ƙaru. Dattawa za su tuna harajin kai da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke tare da jangali a 1979. Irin wannan da aka yanka wa mutum, ko ya samu ko bai samu ba, yana rage abin da ke aljihu, amma ba ya taɓa ninkin, don bai ɗebi komai daga ƙarin Naira 100 ɗin ba.

Yanzu mu zo kan shagonka, Malam, don a nan zancen yake da nauyi.

Abu na farko, mun ɗauka miliyan ɗin duka ta sauka a hannun 'yan ƙasa. Idan ɗan kwangila ya kashe Naira 400,000 wajen sayen inji da kayan gyara na waje, abin da ya fara zagayawa Naira 600,000 ne, ninki biyu ya ba da 1,200,000.

Na biyu, wanda ya fi shafarka: biyun nan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. A wurin ƙauyenku, duk abin da aka sayo daga Kano ko Zariya ko Legas kayan waje ne, don kuɗinsa ya bar kasuwarku. Siminti, atamfa, sukari, man fetur, ko da a Nijeriya aka yi su, ba a garinku aka yi su ba. A ce cikin Naira 72 ɗin nan, 52 ta tafi ga irin waɗannan kaya, 20 kaɗai ta tsaya wurin manomi da mahauci da tela da mai tuwo na gari. Tsiyaya ta zama 80 ke nan, 100 ÷ 80 kuma ɗaya da kwata ne. Miliyan ɗaya ta zama 1,250,000 a yankinku, in ma 'yan gari aka ɗauka aiki. Idan ɗan kwangila ya zo da leburorinsa daga birni, suna aika kuɗin gida duk ƙarshen mako, abin da za ku gani bai wuce cinikin abinci da shayi ba.

Na uku, lissafin yana aiki ne inda akwai hannun da ke zaune ba aiki, da kayan da ke jiran mai saye. Da rani, matasa na zaune, rumbu da sauran hatsi, ƙarin kuɗi yakan zama ƙarin aiki da ciniki. Amma a tsakiyar damina, kowa na gona, hatsi ya yi ƙaranci, kuɗin da ya shigo sai ya bi tiyar da ke nan ya ɗaga farashinta. Alamar da za ka duba ke nan: idan kuɗin da ke shiga akwatinka ya ƙaru amma yawan buhunan da kake sayarwa bai motsa ba, tsada ce ta ƙaru.

Saboda haka kafin ka ci bashi, nemi amsar abu uku: nawa ne kuɗin aikin da za a biya a hannu a garinku, su wa za a ɗauka, kuma wata nawa za a yi ana aikin. Ka ninka kuɗin da ɗaya da kwata ko abin da ya yi kusa da haka, ka cire haraji da ajiya, sannan ka tuna ragowar za a raba ta ne tsakaninka da duk sauran masu shago da rumfa. Zubi ɗaya kuma zagayensa yana ƙarewa. Ka ga yadda kuɗin ya faɗo daga miliyan zuwa 62,500 a zagaye na biyar. Idan za ka ƙaro kaya, ƙaro masu saurin fita, sabulu da sukari da man girki, daidai abin da za ka iya biya kafin ɗan kwangila ya kwashe injinansa.