Haruffan Shafin Intanet Idan Data Na Jan Ƙafa

Mai karatu ya buɗe shafin labarai a wayarsa, launuka sun fito, hoton sama ya fara bayyana, amma wurin rubutu fari fat. Sai bayan daƙiƙa uku kalmomi su faɗo gaba ɗaya. Yawancin mutane kan ɗora laifin kan kamfanin layi, alhali rubutun ya riga ya iso wayar tun da farko. Burauza ce ta ɓoye shi, tana jiran wani fayil dabam mai ɗauke da siffar haruffan da mai shafin ya zaɓa. Haka Chrome da Firefox suke yi idan ba a ba su wani umarni ba: su jira kimanin daƙiƙa uku, in fayil ɗin bai zo ba su nuna rubutun da haruffan da ke cikin wayar.

Lissafin ba wuya. Layin da ke kawo kilobit 400 a daƙiƙa, abin da ba baƙo ba ne a ƙauye ko cikin cunkoson kasuwa, kilobait 50 yake saukewa a kowace daƙiƙa. A ce fayil ɗin haruffa ɗaya ya kai kilobait 500, kamar yadda manyan fayiloli masu ɗauke da rubutun harsuna da yawa kan kai. Daƙiƙa goma ke nan. Idan mai shafin ya sa guda huɗu, wato siriri da mai kauri da mai karkata da mai kauri a karkace, an tashi daƙiƙa arba'in da megabait 2 daga datar da mutum ya saya da kuɗinsa.

Gyaran farko shi ne nau'in fayil, kuma nan babu dogon zance. TTF da OTF na kwamfuta ne, ba a matse su ba. WOFF, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2012, haruffan nan ne dai aka matse. WOFF2, wanda ya samu amincewa a 2018, yana matsewa da dabarar Brotli, kuma yakan fi WOFF ƙanƙanta da kusan kashi 30 cikin ɗari. Duk burauzar zamani tana karanta shi. A ganina WOFF2 kaɗai ya isa. Tsohuwar wayar da ba ta gane shi ba za ta koma ga haruffanta na gida, rubutu kuma ya karantu.

Babbar riba tana wurin yanke fayil ɗin. Noto Sans na Google yana ɗauke da dubban siffofi, har da haruffan Girkanci da na Rashanci. Shafin Hausa bai buƙatar fiye da ɗari biyu da 'yan kai. Idan aka zubar da sauran aka matse, fayil mai ɗaruruwan kilobait yakan dawo 'yan gomomi kaɗan, abin da layin nan mai jan ƙafa zai sauke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Sai dai a nan ne Hausa ke shan wuya, domin ma'aunin yankan da aka saba gani an tsara shi ne don harsunan Turai, kamar telan da ya yanka riga da awon wani. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma haruffanmu masu lanƙwasa ba sa zaune wuri ɗaya. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, tare da ƙananan ƙ da ƴ, suna cikin rukunin da ya fara daga U+0180 ya tsaya a U+024F. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna gaba, a U+0253 da U+0257, cikin rukunin alamomin masana furuci. Wanda ya yanke fayil ɗinsa a U+024F yana ganin ya kwaso duk haruffan boko, to ya bar ɓ da ɗ a waje, ga shi kuwa da wuya a rubuta sakin layi ɗaya na Hausa babu su.

Gane wannan cuta da ido ake yi. A kalma irin "haɗaɗɗe" za a ga ɗ ɗin ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo, domin burauza ta aro ta daga wasu haruffan da ke cikin wayar. Idan wayar ma ba ta da ita, sai akwatin murabba'i ya fito a gurbinta. Kafin yanka ma, a tabbatar asalin fayil ɗin yana da haruffan takwas, domin da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su sam. Noto Sans yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL.

Ana yin yankan da `pyftsubset`, wanda ke zuwa cikin `fonttools`, tare da `brotli` don matsewa:

```
pyftsubset NotoSans-Regular.ttf --flavor=woff2 \
  --unicodes="U+0020-007E,U+00A0-00FF,U+0181,U+018A,U+0198-0199,U+01B3-01B4,U+0253,U+0257,U+02BC,U+2018-201D,U+20A6" \
  --output-file=hausa.woff2
```

Jerin farko haruffan boko ne da lambobi. Na biyu ya ƙunshi é da ç da ire-irensu, waɗanda sunayen Faransanci daga Nijar ke buƙata. Ƴ da ƴ ma don rubutun Nijar ne, inda Najeriya ke rubuta 'y. Na ƙarshe alamar naira ce, wadda ake yawan mantawa sai ranar da aka buga labarin kasafin kuɗi. Mai wallafa ƙamus ko darasin da ke nuna karin sauti zai ƙara U+0300-0304.

Google Fonts yana rarraba haruffansa gida-gida da `unicode-range`, yadda burauza ba ta sauke wani gida sai ta ga harafinsa a shafi. Ga shafin Ingilishi fayil ɗaya ke nan. Shafin Hausa kuwa, ƙ guda ɗaya ta isa ta jawo fayil na biyu mai cike da haruffan Folan da Turkiyya, kuma daga sabar wani, wadda sai wayar ta sake ƙulla hulɗa da ita. Fayil guda da aka yanka don Hausa, aka ajiye a sabar shafin, ya fi sauƙi.

Saura yadda za a loda shi. Umarnin `font-display` ne ke gaya wa burauza abin da za ta yi yayin jira:

```
@font-face {
  font-family: "Hausa";
  src: url(/hausa.woff2) format("woff2");
  font-display: swap;
}
```

Da `swap`, rubutu yana fitowa nan take da haruffan wayar, a musanya su idan fayil ya iso. Aibinsa shi ne layuka kan yi tsalle lokacin musanyar, mai karatu ya ɓatar da inda yake. Da `optional`, burauza tana jira kimanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai. In fayil bai iso ba ta haƙura da shi a wannan shafin, ta adana shi don shafi na gaba. Ga dogon rubutu na fi son `optional`, da sharaɗi ɗaya: a duba yadda ɓ da ɗ suke fitowa a haruffan gida na ƙananan wayoyin Android, tunda su mai karatu zai fara gani.

Akwai kuma `preload`, mai sa burauza ta nemi fayil ɗin da wuri maimakon ta jira sai ta gama karanta CSS. A yi shi ga fayil ɗaya tak, na gangar jikin rubutu, kuma a sa masa `crossorigin` ko da daga sabar shafin yake. Idan babu, za a sauke fayil ɗin sau biyu. Ana iya ganin hakan a sashen Network na kayan aikin Chrome, inda kuma ake rage gudun layi da gangan don gwaji. Masu amfani da Opera Mini a yanayinsa na tsananin tsimin data ba sa sauke waɗannan fayiloli ko kaɗan, don haka shafin da ya mayar da alamar bincike ko ta jerin zaɓi haruffa zai nuna musu akwatuna a wurin maɓallan. Irin waɗannan alamomi gara a zana su da SVG.